Aikin Da Zakariya Ya Gano a Maska

Duk wanda ya san Zakariya a Maska ya san shi da tambaya. Tun yana yaro haka yake, bai iya ganin mota ta sauke kaya ya wuce ba tare da ya ji na wane ne ba. Kakarsa Inno takan ce da tambaya gona ce, da tuni mijin nan nata ya cika rumbu. Shi ne ɗan fari a gidan Malam Mati, manomin masara da ake ji da shi a yankin. Ya yi difloma a fannin aikin gona, ya dawo gida, ya yi aure, ya zauna jiran aiki.

Shekarun farko a waya ya ƙarar da su, yana tura takardu duk inda ya ga talla, ko ci kanka ba a taɓa ce masa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda yake ganin sa'o'insa a kan baburan kamfani, alhali bai taɓa ganin tallar aikin da suke yi ba. Da ya tambayi ɗaya daga cikinsu, sai ya ce masa, "Wace talla? Kirana aka yi."

Bana kuwa magana ta zo ƙarshe. 'Yar gonar da uban ya yanka masa ba ta riƙe gida, ga matarsa Hafsatu da goyo. Wani abokinsa ya sama masa acaɓa a Legas, ya ce ya taho kafin ruwa ya sauka ko a ba wani. Zakariya ba ya son tafiya ko kaɗan. Sai ya daina bin talla, ya koma bin kamfanonin da ƙafarsa.

Ya mayar da shagon Alhaji Mudi, mai sayar da iri da maganin feshi a Funtua, wurin zamansa. Yana taya shi jera kaya, yana duba buhunan da suka fi fita. A nan ya saba da Ummaru, direban wani kamfanin irin masara, wanda ba sai an matsa masa yake magana ba. Ummaru ya ce bara iri ya ƙare musu tun damina ba ta yi nisa ba. Zakariya ya bi diddigi, ya tarar kamfanin ya kama hayar sabon sito a hanyar Maska, kuma ya fara rubuta sunayen ƙarin manoman da za su noma masa iri. Lissafin bai yi masa wuya ba. In manoma sun ƙaru, dole a nemi wanda zai riƙa zagaya gonakinsu, ya tabbatar an ba da tazara tsakaninsu da masarar maƙwabta, an kuma cire furen da ke saman masara a layukan da za a ɗebi iri kafin ya buɗe. Aiki ne da yake nan tafe, ba wanda ya sanar da shi tukuna.

Ya kuma gano cewa miƙa takarda a bakin ƙofa wahalar banza ce. Mai ɗauka shi ne Malam Sama'ila, shugaban malaman gona na kamfanin. Zakariya ya tare shi a wata gonar gwaji ta noman rani, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya gano da abin da ya iya. Malam Sama'ila ya dube shi da mamaki.

"Wa ya gaya maka za mu ɗauki mutum?"

"Ba kowa, Malam. Sito na gani."

Mutumin ya yi dariya, ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma mu ba ma ɗora wa manoma wanda ba su yarda da shi ba. Zan zo Maska in zauna da su. Wanda shugabansu ya tsaya wa, shi za mu ba."

Zakariya ya dawo gida kamar ya taka rawa a hanya, domin shugaban manoman nan Malam Mati ne. Bai gaya wa Malam Sama'ila haka ba, yana ganin kamar tinƙaho da uba ne. Uban ma bai iya tunkararsa ba. Tun da aka haife shi Malam Mati bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron", bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Don haka ta bakin Inno ya aika. Ta dawo ta ce, "Na gaya masa. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Ranar zaman, manoma suka taru a gindin darbejiya kusa da masallaci. Zakariya bai je ba, don bai kamata a tattauna maganarsa yana zaune ba. Ummaru ne ya kwashe masa labari daga baya. Malam Sama'ila ya ce wani matashi daga garin nan, Zakariya, ya same shi, ko sun san shi? Kowa ya juya ya dubi Malam Mati. Malam Mati ya sunkuyar da kai.

"Yana nan dai," ya ce.

"Zai iya riƙe aikin?"

"To, yaro ne. Ga dai Kamalu na wajen Malam Baƙo, shi ma ya yi karatun."

Wa zai tsallake uba ya yi magana a kan ɗansa? Dattawan ma daɗi suka ji, suna cewa a ransu Malam Mati ya cika mutum mai kawaici, kuma kowa ya ɗauka Malam Sama'ila ya gane. Shi kuwa bai gane komai ba. Abin da ya ji shi ne shugaban manoma ya ƙi tsaya wa yaro. Kafin mako ya zagayo Kamalu ya karɓi babur.

Da Ummaru ya fayyace masa, Malam Sama'ila ya kira Zakariya, ransa a ɓace. "Haba Zakariya! Me ya hana ka ce mini mahaifinka ne? Ni ma Bahaushe ne, da na san abin da yake nufi. Yanzu an riga an ba yaron nan, ba zan iya ƙwacewa ba. Sai dai baɗi, in mun ƙara manoma."

Zakariya ya rasa wanda zai yi fushi da shi. Kamalu bai nema ba. Uban bai yi don ƙiyayya ba, Inno ta ce tun ranar ko tuwon kirki bai ci ba. Shi kansa kunyar ce ta rufe masa baki a gonar gwaji. Baƙin ciki ya tokare shi, ga shi babu wanda zai kai wa ƙara.

Da safen da zai tafi Legas, ya durƙusa a zaure ya yi wa uban sallama. Malam Mati ya daɗe yana jan carbi, bakinsa na motsi kamar akwai magana. Can ya ce, "A kula da salla." Shi ke nan.

A tsakar gida mata sun taru. Hafsatu na tsaye a ƙofar ɗaki, idonta ya yi ja. 'Yarsu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta taho tana tangaɗi ta kama ƙafar wandonsa. Bai san ko za ta gane shi ranar da zai dawo ba. Hannunsa har ya sauka zai ɗauke ta, sai ya ga mahaifiyarsa da sauran matan gida suna kallo. Ita ma 'yar fari ce.

"A zo a ɗauke yarinyar nan," ya ce, ya saɓa jakarsa.