Tabarmar Aro ta Baba Maigadi

Tun kafin a ga watan azumi Baba Maigadi yake fara zagaye. Da ya kulle ƙofar makarantar firamaren da yake gadi, sai ya bi unguwa gida-gida yana gayyatar buɗa-bakin da ake yi a farfajiyar makarantar duk Juma'a. Bana gwiwoyinsa sun ce sun gaji, zai miƙa wa wani hidimar, shi ya sa na ga ya dace a faɗi aikinsa yana ji.

Wajen masu hali ba ya kwana-kwana. Wannan shinkafa, wancan mai, wani dabino ko itace, kuma da wuri, don masu girki su san yawan bakin da za su ciyar. Sharaɗinsa dai mai bayarwa ya zo ya zauna a ci da shi, babu kiran suna, babu ɗaukar hoto.

Gidan marasa hali kuwa bai taɓa cewa a zo a karɓi sadaka ba. Aro yake zuwa nema: faranti, buta, ko hannun yanka albasa.

Bara ciwon ido ya zaunar da Tela, har keken ɗinkinsa ya tafi kasuwa. Maƙwabta sun san da ruwa zalla yaransa suke shan ruwa, sun kuma san ya mayar da kwanon da aka aika masa. Baba ya yi sallama, ya zauna ya yi ta kukan ƙarancin shimfiɗa, kai ka ce shi ne abin tausayi.

"Malam Tela, ka rufa mini asiri da tabarmarka. Amma ka kawo ta da kanka, ku zo da yara su riƙe mini ita, kar a haɗa da na mutane."

Ranar Juma'a aka jera dabino da ruwa, rana ta yi ja, Baba yana ta leƙen ƙofa. Dab da kiran salla sai ga Tela da yaransa, tabarma a kafaɗa. Mai kantin magani, wanda ya ba da shinkafar, a kanta ya samu wuri, Tela yana ce masa bismilla kamar mai masauki. Can mai kantin ya jawo Baba ya raɗa masa cewa yana so a nuna masa mabukatan. Sai Baba ya ce:

"Alhaji, a wannan lokacin duk wanda ka gani a nan yunwa yake ji, har da kai."

Baba, kai ne ka ciyar da mutane ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Wanda zai gaje ka, ya fara koyon yin aro. Ɗakin ajiyar makarantar nan cike yake da tabarmi.