Badamasi Baduku da Jinin da Ya Yi Yawa

Yayana Badamasi baduku ne a Gwangwan, kuma duk kasuwar Rogo an san takalminsa. An san jar fuskarsa ma. Ido jawur, tafin hannu kamar ya kwana da lalle. Mu dai cewa muke hutu ne. Matarsa Lantana kuwa har taƙama take, wai a gidanta ba a rashin jini.

Sai ciwon kai ya sa shi gaba, ga jiri, ga ƙaiƙayi in ya yi wanka, ya dinga susa da bango kamar akuya. Da yatsunsa suka fara mutuwa a kan basilla, hankalinsa ya tashi, don baduku ba yatsu ai ya tashi daga aiki. Daga asibitin garinmu aka tura shi Kano. Ni Rekiya na raka su, saboda Lantana in ta ga farar riga bakinta mutuwa yake.

Likita ya dubi takardar awo ya ce, "Malam, ka taɓa zama a kan tsauni mai tsawo?"

Yaya ya yi tunani sosai. "Na taɓa hawa rufin ɗaki na gyara indararo."

Likita ya dara. Ya ce masu zama can ƙololuwar duwatsu iska ba ta isarsu, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓi. Mai shan sigari ma haka. Yaya kuwa ba tsauni ba sigari, don haka aka sake wani awon. Da sakamakon ya fito, ashe ɓargon ƙashinsa ne ke ta ƙera ƙwayoyin ba wanda ya aike shi. Jinin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, yana tafiya da ƙyar, kuma in ya daskare a jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ne zai shanye. Magani? A riƙa ɗibar jini leda guda ana zubarwa, da ƙaramin asfirin kullum, da shan ruwa sosai. Ya kuma ja kunne: ban da maganin ƙarin jini.

Tun a mota Lantana ta sami bakinta. "Rekiya, kin ga abin da na gani? Leda cike fal! A garin da ake neman jini ido rufe, shi za a zubar da nasa?"

Na ce, "Wallahi ni ma ban taɓa ji ba."

Kada ku yi saurin zaginmu. A wurinmu duk wanda ya zubar da jini mayar masa ake, tun kaka da kakanni. Lantana kuma ƙanwarta rashin jini ne ya kashe ta wajen haihuwa, a gabanta. To sai muka yi abin da muka iya. Na shiga kemis na sayo kwalaben maganin ƙarin jini, ita kuma ta dinga tsiyaya cokali biyu a kunun tsamiyarsa. Yaya ya sha ya lashe baki ya ce, "Lantana, kwanan nan hannunki ya faɗa."

Likita ya ɗiba, mu mayar. Ya ɗiba, mu mayar. Bawan Allah ya dubi awo ya cire tabarau ya goge ya sake duba. Har injin awon ya zarga. Mu kuwa muna gefe kamar ba mu san komai ba.

Ran wata kasuwa Yaya na tsaka da ɗinki basilla ta suɓuce. Ya kai hannu, hannu ya ƙi. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ya buɗe baki zai kira maƙwabcinsa, magana ta karkace. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti likita ya tambaya a hankali, "Akwai abin da yake sha ban da wanda na rubuta?"

Lantana ta fashe da kuka. "Ni ce, likita. Kwalba goma sha ɗaya."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Baiwar Allah, ƙarfen da ke cikin maganin nan shi ɓargo yake nema ya ƙera jini. Ni ina kashe wuta, ke kina tura itace."

Yaya daga kan gado, da karkataccen bakinsa, ya ce, "Shi ya sa kunun ke ƙarnin ƙusa. Na ɗauka sabuwar tsamiya ce."

Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun ma ya dawo, ban da yatsu biyu. Yanzu takalmin da yake gamawa a yini sai ya kwana uku. Shi yake huda fata, Lantana na gefe tana ja masa zare. Duk mai zuwa dubiya da leda a hannu kuwa sai ta caje shi a zaure kamar ɗan sanda.

Bai taɓa goranta mata ba. Ni kuma har yau in na shiga gidan yatsun nan nake fara kallo. Duk kwalaben ni na sayo, kuma Lantana ba ta taɓa faɗin sunana ba.