Buhu Talatin Da Ba Su Shigo Gonar Uwar-kaji Ba

Da kaji goma sha biyu ta fara, a wani ɗan kango bayan ɗakin girki, a shekarar da mijinta ya ajiye tuƙin motar asibiti. Yau kaza ɗari shida take da ita a wani fili da ta kama haya a bakin gari, kuma ko jikokinta Uwar-kaji suke ce mata. Mace ce gajeriya mai ƙarar murya, wadda ke gane kaza mara lafiya daga tsayuwarta kawai. Takarda kuwa ba ƙawarta ba ce. Rasit, bil, takardar karɓar kaya, duk cikin wani tsohon gwangwanin biskit take cusa su, ta danne murfin da gwiwa. In mijinta ya yi magana sai ta nuna kanta da yatsa ta ce littafinta yana nan. Shi kuma ya ce Allah ya sa kada gara ta shiga littafin.

Ranar wata Litinin ta kira wakilin kamfanin da take sayen abincin kaji wurinsu shekara bakwai, za ta ba da oda. Sai ya hau kame-kame.

"Hajiya, an rufe asusunki. Wai ana binki dubu ɗari biyar da ashirin. Sai kin biya za a sake miki kaya."

"Ni? Ni ake bi?"

"Haka kwamfuta ta nuna."

Ta leƙa ɗakin ajiya. Buhu huɗu suka rage, kajinta kuwa buhu ɗaya da rabi suke ci kullum. Kaza mai ƙwai ba a sauya mata abinci farat ɗaya, yanzu sai ta ja baya da ƙwai. Ga otal biyu da ke jiran kaya kowace Juma'a.

Ta zari gyale, ta rungumi gwangwanin, sai ofishin kamfanin. Akantan wani dogon mutum ne mai tabarau, layi na jiransa har bakin ƙofa. Ta juye masa takardun a tebur, ta fara bayani daga tsakiya, ta koma farko, ta tsallaka zuwa zancen direban da ya taɓa yaga mata buhu bara. Tana yi tana shafa waya, tana neman wani saƙo da ya ƙi fitowa.

"Hajiya," in ji shi, "ban ce kin yi ƙarya ba. Amma wace rana? Wace oda? Nawa? Ki kawo mini abin da zan iya dubawa. Wannan tsibin ko kwana zan yi ba zan gane kansa ba."

Ta ce masa shekara bakwai ba ta taɓa cin musu ko sisi ba. Ya ce na gaba. Ta tattara takardunta, ta fita mutanen layi suna binta da ido.

A gida ta tarar da babbar 'yarta, wadda nas ce, ta zo gaishe su ranar hutunta. Ta saurari uwar har ta gama zazzaga faɗa, sannan ta ce, "Umma, in likita ya zo kan mara lafiya, ba tatsuniya muke ba shi ba. Takarda ce: ƙarfe kaza aka ba da magani kaza, ƙarfe kaza zafin jiki ya sauka. Haka za ki yi musu."

"Yanzu ni za ki koya wa yadda ake magana?"

"A'a, magana kam kin fi kowa. Rubutu zan koya miki."

Maigidan ya tuntsire da dariya, ta watsa masa harara ya haɗiye sauran.

Suka share teburin falo. 'Yar ta ja layuka a farar takarda: kwanan wata, abin da ya faru, lambar oda, kuɗi, sai lambar shaida a ƙarshe. Kowane layi abu ɗaya tak, kuma duk abin da ba shi da takarda ko saƙo a bayansa ba zai hau ba. Uwar-kaji ta so a rubuta cewa wakilin ba shi da kunya. Aka ce mata wannan ba shi da kwanan wata.

Daga takardar bayanin asusu da akantan ya miƙo mata kafin ta baro ofis suka fara, don su san daga ina kamfanin ke ƙirga. Har ƙarshen Maris komai ya tafi daidai, daga Afrilu ne abu ya karkace. Suka jera takardun gwangwanin wata-wata a kan tabarma, suka danne da kofuna saboda fanka.

Kuskure na farko ya fito tun kafin la'asar. Ranar uku ga Afrilu ta ba da odar buhu talatin, dubu goma-goma. Wakilin ya rubuta mata abincin 'yan tsaki maimakon na masu ƙwai. Da ta ga takardar odar, ƙarfe huɗu da minti goma ta aika masa saƙo a soke, ya amsa da "An soke, Hajiya." Ranar huɗu aka yi sabuwar oda da sabuwar lamba, ranar biyar direba ya sauke kaya ta sa hannu. Amma a asusun kamfani duka odar biyu suna nan daram, kowace dubu ɗari uku. Takardar karɓar kaya kuwa guda ɗaya ce.

"Kin gani ko!" Ta bugi tebur har kofi ya yi tsalle. 'Yar ta ɗauki hoton saƙon yadda kwanan wata da lambar wayar wakilin za su fito sarai.

Na biyu ya ba su wahala. Uwar-kaji ta rantse ta biya dubu ɗari da hamsin a tsakiyar Mayu, amma babu alamarsa a wayarta. Aka birkice gwangwanin sau biyu. Maigidan ne, daga inda yake kishingiɗe, ya ce, "Ba lokacin ne wayarki ta faɗa randa ba?" Sai ta tuna. Tsabar kuɗi ta kai wa ƙanenta makanike, shi ya tura daga asusunsa. Ta kira shi, ya lalubo rasit ɗin a waya ya turo: sha tara ga Mayu, da sunansa, babu sunanta, babu lambar oda. Kuɗin ya shiga kamfani, amma ba wanda ya san na waye.

Saura dubu saba'in. Wannan ta san ta biya da hannunta ranar biyu ga Yuni, har da saƙon banki cewa an cire. 'Yar ta ce saƙo bai isa ba, gobe a je banki a karɓo cikakken bayanin asusu na wata uku.

Talata da hantsi Uwar-kaji ta fito daga banki da takardu huɗu, ta tsaya a inuwar bango tana bin layi da yatsa. Biyu ga Yuni, an cire dubu saba'in. Uku ga Yuni, an mayar da dubu saba'in. Turawar ba ta tafi ba, kuɗin ya dawo mata, ta haɗa shi da cinikin ƙwai ta kashe ba ta sani ba. Ita da ta tsaya gaban jama'a tana cewa ko sisi.

Ta kira 'yar a wurin aiki, murya ƙasa-ƙasa. "In muka tsaya a saƙon da ya ce an cire fa?"

"Umma, akantan zai duba nasu asusun ya ga bai shigo ba. Daga nan ko layin gaskiya ba zai yarda da shi ba."

"Na sani. Tambaya kawai na yi."

Ta koma gida ta zauna ita kaɗai, ta rubuta layin da hannunta, da manyan baƙaƙenta masu karkata: uku ga Yuni, banki ya mayar, wannan kuskurena ne. Ta tura dubu saba'in ɗin nan take, a wannan karon da sunanta da lambar oda a wurin bayani, ta ƙara shi layi na ƙarshe. Layi goma sha ɗaya, shafi ɗaya. A ƙasa ta rubuta abin da take nema: a cire dubu ɗari uku na odar da aka soke, a sa dubu ɗari da hamsin a asusunta, a buɗe mata oda. Ta je shagon kwafi aka buga hotunan saƙonni da rasit, ta sa wa kowace takarda lamba. Na ainihi ta bar su a gida. Da yamma ta auna wa kaji abinci tana kallon buhun ƙarshe da ɗan saura a gindin wani.

Laraba tun kafin a buɗe ofis tana bakin ƙofa. Akantan ya gan ta ya gyara zama, kamar mai jiran hadari. Ta gaishe shi, ta ajiye shafin. Ya karanta, ya ɗago ya dube ta, ya sake karantawa. Ya buɗe jerin kuɗin da suka shigo ba a san masu su ba, ya nemi sha tara ga Mayu.

"Ga shi nan. Lambar turawar ta yi daidai." Ya danna wani abu. "Wannan ya wuce. Saba'in ɗin jiya ma ta shigo."

"Buhu talatin fa?"

Ya ɗaga waya ya kira mai kula da sito, ya karanta masa lambar odar uku ga Afrilu, ya ce a duba ko kaya sun fita a kanta. Aka ce a jira. Uwar-kaji ta zauna a bakin kujera tana murza gefen gyale. Minti goma, sha biyar. Na bayanta a layi ya fara tsaki. In sito suka ce kaya sun fita, to wani ya karɓa da sunanta, kuma wannan wata rigima ce da ba za ta ƙare yau ba. Wayar ta yi ƙara. Akantan ya saurara, yana rubutu.

"Babu takardar fita a kan lambar. Kayan ba su bar sito ba. Wakili ya soke a wayarsa, bai soke a kwamfuta ba."

Ta sauke numfashi, amma ya ɗaga hannu. Cire dubu ɗari uku ba huruminsa ba ne, sai manaja ya sa hannu, manaja kuwa ya yi tafiya sai mako mai zuwa. Kafin nan asusun yana rufe.

"Malam, kajina ba su san manaja ba. Gobe da rana ba su da abin ci."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce bashi kam ba zai iya ba, amma in za ta biya hannu da hannu zai rubuta wa sito a sake mata buhu goma yau. Ta ce a rubuta. Ta kuma miƙa masa kwafi na biyu na shafin ta ce ya buga hatimi ya sa kwanan wata, shaidar ya karɓa. Ya yi ɗan murmushi ya buga.

Kuɗin buhu goman sai da ta taɓa abin da ta ware na hayar fili. Motar kamfani ma ba ta samu ba, a-kori-kura ta ɗauka, ta zauna gefen direba tana waiwayen kayan a kowace kwana. Takardar gyara ta iso bayan kwana tara, asusu ya koma sifili. Wakilin ya kira yana ba da haƙuri, ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji, sannan ta ba shi odar buhu arba'in, ta sa ya maimaita mata irin abincin sau biyu kafin ta ajiye waya.