Balaraba da Akuyar Shafi na Tara

Shekara ashirin da biyu Balaraba ta yi tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke bakin tashar Tudun Wada. Da tafireta ta fara, daga baya ta koma kwamfuta. Abin da aka san ta da shi guda ne: ba a taɓa mayar mata da takarda don gyara ba. Idan ba ka sani ba, ita da kanta za ta gaya maka kafin ka zauna.

Saboda haka ƙungiyar manoman masara ta garin ta damƙa mata shafinta na intanet. Da kakar bara wani malamin gona, Malam Abdulmumini, ya yi wa ƙungiyar lacca ta intanet kan adana masara. Balaraba ba ta ji laccar ba, tana Yako wajen suna. Da ta dawo, shugaban ƙungiya Alhaji Zayyad ya turo mata silaid goma sha huɗu, wato shafukan da malamin ya riƙa haskawa yana bayani, da kuma rikodin laccar.

"Hajiya, ki mayar mana da shi rubutun da mutum zai karanta ya gane. Ranar Alhamis za mu sa a shafi."

Ta duba rikodin, awa biyu da kwata. Ta saurari minti goma sha biyar, duk gaisuwa ce, ana tambayar hakimai da dattawa ya gajiya, wani kuma bai kashe makirfonsa ba yana cinikin taki. Ta rufe. Ai ga rubutu a gabanta.

Ta mayar da kan kowane shafi ƙaramin kanu. Guntayen layukan da ke ƙarƙashi ta miƙe su suka zama jimloli, ta haɗa shafuka biyu da ke magana ɗaya, tsakanin kowane sashe ta sa sakin layi mai kai mai karatu gaba. Shafi na shida kansa "A rumbu", da layi uku: zuba masara da zarar an kawo daga gona, jera buhu a ƙasa, haɗa tsohuwa da sabuwa. Ta rubuta: "Bayan girbi, ga matakai uku da manomi na gari zai bi."

Shafi na tara hoton akuya ne, ba rubutu ko ɗaya. Ta daɗe tana kallon akuyar. A ganinta mai digiri biyu ba zai sa akuya a banza ba. Ta ba ta kanu, "Matsayin akuya a adana masara", ta zuba sakin layi biyu masu daɗi.

Ranar Laraba da hantsi Dije mai fura ta shigo shan inuwa. Ba ta yi boko ba, amma shekara talatin tana cika rumbu. Balaraba ta karanta mata don ta ji daɗin Hausar. Ana kaiwa shafi na shida Dije ta sauke ƙwarya.

"Ɗanyar masara a rumbu? Yaya Balaraba, ƙwari ne suka ɗauke ki aiki?"

"Malami ne ya rubuta."

"To malamin ya zo ya ci. Akuyar kuma gadi za ta yi?"

Balaraba ta sa abin saurare a kunne, ta ja rikodin gaba har shafi na shida ya bayyana. Ga muryar malamin: "Waɗannan ukun, don Allah kada kowa ya yi su. Su ne ke ruɓar da masara." Da baki ya faɗa, bai rubuta ba. A shafi na tara kuwa ya yi tari, ya ce: "Ku yi haƙuri, wannan akuyar ta maiɗakina ce, ban san yadda ta shigo ba. Mu wuce."

Ta koma farko ta saurari awa biyun da kwata, har da cinikin takin. Ta mayar da kanun shafi na shida "Kurakurai uku da ke ruɓar da masara", ta sa dalilin kowanne kamar yadda malamin ya faɗa. Sashen akuyar ne ya yi mata wuyar gogewa, don a ganinta ba ta taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba. Ta karanta sau biyu, sannan ta goge.

Rubutun ya hau shafi ranar Alhamis. Malam Abdulmumini ya duba, ya ce babu gyara. Har yau Balaraba tana gaya wa masu kawo aiki ba a taɓa mayar mata da takarda ba, kuma gaskiya ne. Sai dai idan Dije na kusa tana rage murya, don ita kullum gaisuwarta ɗaya ce:

"Yaya Balaraba, ina kwana? Ya mai gadin rumbu?"