Saƙon cikarmu shekara goma da na ɗauka wasiyya ce

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya huɗu a wani ƙauye kusa da Zakirai, karatuna bai wuce firamare ba. Ni mace ce mai yawan fargaba, wadda kan sake alwala sau uku don kokwanto. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, maigidana ya tafi Watari ƙwadago a gonakin rani. Duk wanda ya dawo daga can sai ya ba da labarin zazzaɓi, ni kuwa ina tattarawa a zuciyata.

Wata safiya ina surfe saƙon maigidana ya shigo 'yar wayata. Bai ambaci sunana ba, kamar yadda ya saba, uwar 'ya'yansa ya kira ni. Ya ce yau goma ga Shawwal, shekara goma cif da kawo ni gidansa. Ya gode mini da haƙurin da na yi da babu, ya tuna ranar da na ce na ƙoshi don yara su ci, ya roƙi Allah Ya haɗa mu har a Aljanna. A ƙarshe ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini.

Taɓaryar ta faɗi daga hannuna. A garinmu ban taɓa jin namiji ya gode wa matarsa ya nemi yafiya ba sai yana kan gargara. Haka mahaifina ya yi. Na kira, wayarsa a kashe. Na yi ta kira, ba ta shiga. Sai na ruga wajen Inna, mahaifiyarsa, mai fama da hawan jini, na ce ɗanta ya aiko da wasiyya. Ta sa wansa ya karanta da ƙarfi a tsakar gida, matan gidan duka na ji. Kafin ya kai ƙarshe ta sulale ƙasa. Aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti, ina biye ina salati, ina ganin zan yi rashi biyu a rana ɗaya.

Da la'asar maigidana ya kira, lafiyarsa ƙalau. Wayar ya bari wurin mai caji ya shiga gona. Ya ce wani abokin aikinsa ya gani yana yi wa matarsa haka, shi ma ya kwana uku yana rubutawa yana gogewa. Da ya ji a gaban wa aka karanta, sai kawai ya tambayi jikin Inna.

Inna ta tashi, amma har yau tana jan ƙafa. Ƙannensa sun daɗe suna tsokanarsa da angon Shawwal. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma sake rubutowa ba.

Na gane tsoro ne ya hana ni karanta layin farko, mai maganar cikarmu shekara goma, da kyau. 'Yan uwana mata, idan miji ya cire kunya ya faɗi magana mai daɗi, ku zauna ku sake karantawa kafin ku fita da ita. Ni duk goma ga Shawwal sai na kai wayata caji, ko saƙo zai shigo.