Gaɓa Bakwai na Dalluka

Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Madani zuwa Gadarif, rumfar tsakar gidanmu ta samu baƙuwa. Mace ce doguwa mai 'ya'ya uku, jikar Hausawan da suka yada zango nan a hanyar aikin hajji kamarmu, sai dai Hausarta ta zube a hanya: tana ji, amma in ta buɗe baki Larabci ke fitowa. A can garinsu ita ce mai waƙar biki, da dallukarta, wannan gangar yumɓu da mata ke kaɗawa da tafin hannu. A nan kuwa shayi take sayarwa bakin tashar motocin Hawata, rana na dukanta, tana dawowa da muryar da hayaƙin gawayi ya dusar. Ina tausayinta ƙwarai, ko da yake ban iya nunawa ba sai ta hanyar faɗa.

Bayan an yanke riɗi aka sa bikin jikan wata Hajja a unguwarmu. Hajjar nan in ta yaba mai waƙa, duk gidajen manoma daga nan har garin Fau sai su kira ta. In ta taɓe baki, shi ke nan, a koma shayi. Ta aiko cewa za ta saurari baƙuwarmu ranar Alhamis da hantsi, amma da sharaɗi: waƙar shigar amarya da Hausa take so, irin ta kakanni.

Baƙuwa ta same ni ina tsince shinkafa. Ta ce, "Ustaza, karin waƙa ina da shi. Kalmomi ne babu. Ki taimake ni."

Ni kuwa shekara nawa ina koyar da yara a firamare, wa zai gaya mini rubutu? Na ce ta rera. Ta rera da Larabci, na ƙirga da yatsu: gaɓa bakwai kowane layi. Kafin shinkafa ta nuna na cika shafi. Layin farko: "Amarya ta zo gida." A-mar-ya-ta-zo-gi-da. Bakwai cif! Na miƙa mata ina hura hanci.

Ta ɗora dalluka a cinya. Kiɗan kuwa haka yake tafiya: dum, ta-ta, dum, ta-ta, dum. Bugu mai nauyi, sai ƙanana biyu masu sauri. Ta fara, sai na ji "aaaa" ta miƙe kamar an taka wutsiyar akuya, sannan "mar-ya" ta cushe a gurbi biyu masu sauri har ta kusa cizon harshe. Ta sake. Ta kuma sakewa. Ta aje hannu.

"Ustaza, ba ya zama."

"Bakinki ne ba ya zama," na ce. "Ƙirga da kanki. Bakwai ne ko ba bakwai ba?"

"Bakwai ne. Amma ji nan." Ta ce "mabruk", wato barka da Larabci, tana buga dalluka daidai kan "ruk", ya fito daram. Ta sake faɗa tana bugawa a kan "mab", sai kalmar ta karkace, ko ni na yi dariya. "Kowace kalma tana da inda take danna ƙafa," in ji ta. "In ganga ta danna wani wuri, faɗa suke yi."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa. Maimakon in gyara, sai na kawo mata layin da na fi ji da shi: "Baƙuwa ba ta kuka a garinmu." Saboda ita na rubuta shi, wallahi, har da ƙwalla. Gaɓa goma sha ɗaya ne. Na ce ta hanzarta baki kawai, ai ma'ana ce gaba. Baiwar Allah ta gwada don kunyata, tana gudu da kalmomi numfashi na yanke mata, har ƙaramar 'yarta ta toshe kunne.

Duk wannan Inna, mahaifiyata, tana kwance kan gadon igiya a inuwa, mun ɗauka barci take. Sai muka ji ta ce, "Ke, malamar banza. Kin zuba buhu biyu a bakin tulu, kina zagin tulu."

"Inna, me kika sani a waƙa?"

"Ni da na yi daka da ita tun ba a haife ki ba? Kawo turmi."

Aka kawo, da gero kaɗan. Ta sa ni riƙe taɓarya, ni da rabona da daka tun kafin injin niƙa ya zo layinmu. Ta ce duk inda taɓarya ta sauka, gaɓar da baki ke daɗewa a kanta za ta zauna, irin "wan" ko "zo". Lokacin ɗagawa kuma ƙanana masu wucewa, irin "da" ko "ki". Tsawo da gajarta take nufi, ba adadi kaɗai ba. Na daka, na faɗi layina, taɓarya ta sauka kan "a" ɗin amarya, wadda ba ta da ƙarfin ɗaukar komai. A kafaɗata na ji kuskuren kafin kunnena ya ji.

Muka yini muna gwadawa. Na samo "Zo ki ga namu gida", ya hau kiɗan kamar don shi aka yi shi. Na biyu ya gagare ni. Inna ta kalli baƙuwa ta daɗe, sannan ta rera da tsohuwar muryarta:

"Wanda ya ba ki ruwa,
Ya zama naki jini."

Na ƙirga a ɓoye. Bakwai, bakwai, kowane bugu kan gaɓa mai nauyi. Haushi ya kama ni da daɗi a lokaci guda. Baƙuwa ta tambayi ma'anar "jini" a nan, Inna ta ce dangi. Sai ta yi ta maimaita layin har la'asar.

Ranar Alhamis na raka ta. Hajja na zaune kan kujera da carbi, surukanta kewaye da ita. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta ce da ni, "Ita ce 'yar gudun hijirar?" Ko tabarma sai da wata ta tuna. Zafi ake yi sosai, mun taho da ƙafa, ba wanda ya ce mu sha ruwa. Na haɗiye maganar da ta zo mini, saboda abincin yara uku ne a bakin Hajjar nan.

Baƙuwa ta gasa fatar dalluka kaɗan a rana, ta fara. Layin farko ya wuce lafiya. Na ga yatsan ƙafar Hajja yana motsi ƙarƙashin mayafi. Kafin a zagayo sau uku surukan sun kama amshi, don waƙar da ta zauna daidai ba a koyar da ita, baki ke ɗauka da kansa. Da aka dawo kan "wanda ya ba ki ruwa" karo na huɗu, muryar baƙuwa ta karye. Ta tuna dangin da yaƙi ya raba ta da su. Hannunta bai tsaya ba, dum, ta-ta, dum, matan gidan suka ƙarasa mata layin.

Hajja ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, wata suruka ta zabura za ta taimaka, ta ture ta. Ta taka har gindin randa, ta ɗebo ruwa a kofin silba, ta dawo tana zubar da rabi a hanya, ta miƙa wa baƙuwa.

"Sha, 'yata," ta ce. "Asabar ce ranar biki, ki zo da wuri. Ki taho da yaran."