Jan Biron Baba

Baba Jan Biro muke kiran shugaban ɗakinmu na gwajin jini, mutumin da ko takardar neman hutu sai ya yi mata gyara. Da zai yi ritaya ya ba ni takardar miƙa aiki mai shafi uku: injin da ke jiran gyara, lasisin da za a sabunta kafin ƙarshen wata, sai lambobin waya. A gefen lambar injiniya ya rubuta da ja: "Ka fara tambayar jikin mahaifiyarsa."

Na ce wannan tsufa ne. Saƙo uku na tura wa injiniyan kan gyaran injin, shiru. Da na kira na tambayi jikin mahaifiyarsa, washegari ya zo.

Bana ni zan rubuta tawa. Na sayi jan biro.